Shawarwari Tara Ga Mai Shafin Intanet: Kada Kuɗin Sabuntawa Ya Zo Muku Ba Zata

Gidaje da yawa yanzu suna da ɗan shafinsu a intanet. Uwargida na tallar atamfa da turaren wuta, maigida na da makarantar Islamiyya ko shagon kayan gini, ɗansu na ɗaukar hoton biki yana baje kolin aikinsa. Galibinsu sun buɗe shafin ne a lokacin garaɓasa, aka ce musu dala biyu ko uku a wata, sunan shafin kuma kyauta. Sai shekara ta zagayo, alat ya shigo waya cewa an ciri kuɗin da ya ninka na bara sau huɗu ko biyar, ba wanda ya danna komai.

Yawanci babu kuskure a lissafin kamfanin. Farashin farko talla ce, an yi ta don a jawo ku, farashin gaskiya kuwa shi ne na sabuntawa. Ranar da kuka biya kuɗin farko kun amince, ko kun karanta ko ba ku karanta ba, cewa a ajiye lambar katinku a riƙa cira duk lokacin da wa'adi ya cika.

Abu biyu kuke biya, ko da rasit ɗaya aka ba ku. Na farko shi ne domen, wato sunan da mutane ke rubutawa su iso shafinku. Na biyu hostin, wato wurin da aka ajiye hotuna da rubutun shafin a kwamfutar kamfani. Domen kamar sunan shagonku ne da abokan ciniki suka haddace, hostin kuwa ɗakin haya ne, in mai gida ya tsawwala sai a kwashe kaya a koma wani. Sunan ba shi da tsada amma rasa shi babbar asara ce. Wurin ajiyar shi ne mai cin kuɗi, kuma shi ne mai sauƙin canzawa. Duk shawarwarin da ke tafe a kan wannan bambanci suka ginu.

1. Ku nemi farashin sabuntawa, ku yi lissafin shekara uku

Kafin ku biya, ku duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban farashi. A nan ake saka kalmomin `Renews at` ko `Renewal price`, wani lokacin kuma sai an shiga kwandon saye ake ganinsu. Wannan adadin shi za ku riƙa biya kowace shekara muddin shafin na raye, don haka da shi za ku auna kamfani.

A ce uwargida ta ga tallar hostin na dala 3 a wata, da domen kyauta. Shekarar farko ta biya dala 36. A shekara ta biyu hostin ya koma dala 11 a wata, wato dala 132. Domen da aka ba ta kyauta ya zama dala 20. Akwai kuma wasu ƙarin hidimomi biyu da aka liƙa mata na gwaji, ɗaya dala 12, ɗaya dala 24. Jimla dala 188. In aka ɗauki dala a naira 1,500, abin da ta biya naira 54,000 bara ya zama naira 282,000 bana. A shekara uku za ta kashe dala 412.

Ga wani kamfanin kuma da ba ya garaɓasa, yana karɓar dala 5 a wata da dala 12 na domen, bana da baɗi duk ɗaya. Shekararsa dala 72 ce, ninki biyu na tallar da ta burge uwargida. Amma a shekara uku dala 216 kacal zai ci, kusan rabin na wancan. Waɗannan alƙaluma na misali ne, sai dai haka tsarin yake tafiya. Ku ɗauki takarda, ku rubuta kuɗin shekarar farko, ku ƙara kuɗin sabuntawa sau biyu, sannan ku kwatanta. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

2. Ku san farashin sari na suna, ku lura da ƙarshensa

Kamfanin da ya sayar muku da domen dillali ne. Kowane ƙarshen suna yana da mai riƙe da rumbunsa, shi ke yanka farashin sari. Duk sunan da ya ƙare da `.com` yana hannun kamfanin Verisign na Amurka, wanda ya mayar da farashin sarinsa dala 10.26 a shekara a watan Satumba na 2024. A kan wannan akwai ɗan kuɗin hukumar ICANN mai kula da tsarin sunaye, wanda bai kai rubu'in dala ba.

Sanin wannan zai ba ku ma'auni. Duk wanda ya sayar muku da `.com` a dala ɗaya faɗuwa ya yi, kuma yana da niyyar mayar da kuɗinsa daga baya. Wanda ya nemi dala 11 zuwa 15 wajen sabuntawa ya ɗora riba daidai misali. Wanda ya nemi dala 20 ko fiye ya kusa ninka sari, alhali sunan ɗaya ne ko a wurin wa aka yi rajistarsa. Akwai ma masu sayarwa a kan farashin sari ba ƙari, irin su Cloudflare, sai dai sharaɗinsu shi ne a bar jagorancin adireshin shafin a hannunsu.

Tarkon ya fi zurfi a sababbin ƙarshen suna irin su `.online` da `.store`. Ana ba da su dala ɗaya ko biyu a shekarar farko, sabuntawarsu kuwa takan kai dala 30 ko fiye. A nan canza dillali ba zai taimaka sosai ba, domin tsadar daga mai rumbun ta taso. Kuma in kun riga kun buga sunan a kati da leda da jikin mota, barinsa zai yi muku wuya. Saboda haka tun farko ku zaɓi ƙarshen da za ku iya riƙewa shekara goma. Ga mai kasuwa a Najeriya, `.com.ng` yana ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, ana sayar da shi da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma ya fi `.ng` tsurarsa sauƙi.

3. Ku sauke kayan da aka ɗora muku a kwando

A shafin biyan kuɗi za ku tarar da wasu akwatuna an riga an yi musu alama. Kowannensu hidima ce mai zaman kanta, mai nata kuɗin sabuntawa. Sau da yawa a shekarar farko kyauta suke ko rabin kuɗi, shi ya sa ba a lura da su.

Uku ne suka fi yawa. Akwai takardar tsaro ta SSL, wadda ke sa adireshin shafi ya fara da `https`. Shafi na buƙatarta, amma ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da ita kyauta, kuma kamfanonin hostin masu yawa suna haɗa ta ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ƙaramin shafin talla ba ya buƙatar ta kuɗi. Akwai ɓoye bayanan mai suna, don kada lambar wayarku da adireshinku su fito ga duk mai bincike. Wannan ma dillalai da dama kyauta suke yin sa, wanda ya ce sai an biya duk shekara ya ba ku dalilin duba waninsa. Sai akwatin imel mai ɗauke da sunan shafinku, wanda akan ba da gwajin wata ɗaya ko shekara ɗaya, daga nan a riƙa caji a kan kowane akwati daban. Gidan da ya buɗe wa mutum huɗu akwati zai biya kuɗi huɗu.

Ajiye kwafin shafi kuwa abu ne mai amfani, kada ku yar da shi haka kawai. Amma in shafin ba ya canzawa sai jefi-jefi, kuna iya sauke kwafi da kanku sau ɗaya a wata ku adana a kwamfuta. In kun riga kun saya, ku shiga asusunku, sashen `Billing` ko `Subscriptions`, za ku ga kowace hidima a layinta da ranar sabuntawarta. Ku kashe duk wadda ba ku san aikinta ba bayan kun tambayi wanda ya gina muku shafin.

4. Ku duba tsawon wa'adi, da ranar cira, da irin kuɗin

Farashin da ake nunawa na wata ɗaya ba wata-wata ake biyansa ba. Mafi arha sai wanda ya biya wata 36 ko 48 a dunƙule. Wannan ba laifi ba ne, hasali ma hanya ce ta more rangwamen na tsawon lokaci. Matsalar ita ce kamfanoni da yawa suna sabuntawa da irin wa'adin da aka saya da farko. Wanda ya biya dala 3 sau 36, wato dala 108, bayan shekara uku zai iya wayar gari an cire masa dala 11 sau 36, wato dala 396 a tashi ɗaya. A naira 1,500 kuɗin ya kai 594,000. Ku shiga asusu ku mayar da wa'adin sabuntawa shekara ɗaya, ko ma wata ɗaya, tun yanzu.

Ranar cira ma ba ita ce ranar ƙarewar wa'adi ba. Wasu kamfanonin suna cira kwana 15 kafin lokaci, wasu wata guda. Mai jiran ranar ƙarshe ya yanke shawara zai tarar an riga shi. Ku nemo ranar da aka rubuta a `Next billing date`, ku koma baya da kwana 45, ku saka wa wayarku tunatarwa a ranar. Ku rubuta a kalandar gida ma, kusa da kuɗin makaranta da na haya, don wani a gidan ya gani ko da mai asusun ya yi tafiya.

Sai batun canji. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ke biyan kamfanin waje ya sha duka biyu a lokacin, ƙarin kamfani da faɗuwar naira. Ko kamfanonin gida masu karɓar naira sukan ɗaga kuɗin `.com` in dala ta tashi, tunda da dala suke sarowa. Ku kuma tambaya ko an haɗa harajin VAT a farashin da aka nuna muku. A Nijar da Kamaru da Chadi, sefa na ɗaure da yuro, don haka kamfanin da ke caji da yuro ya fi sauƙin yi wa kasafi.

5. Ku bar wa domen sabunta kansa, ku kashe na hostin

In mutum ya ji zafin cira, abu na farko da yake yi shi ne ya kashe `Auto-renew` a kan komai. Ku raba su. Na hostin ku kashe, domin shi ne babban kuɗi, kuma kuna so a tambaye ku kafin a taɓa shi. Na domen ku bar shi a kunne, da kati mai rai, a wurin dillalin da farashinsa ya yi muku.

Dalili shi ne abin da ke biyo bayan ƙarewar suna. A sunaye irin su `.com`, `.net` da `.org`, da wa'adi ya cika ba a biya ba, shafi da imel sukan ɗauke. Akwai ɗan lokacin alfarma da za a iya biya a farashin da aka saba, wanda ba ya wuce kwana 45, kuma kowane dillali da nasa tsawon, wasu ma gajere ƙwarai. Bayan an goge sunan sai ya shiga kwana 30 na fansa. A nan ana iya dawo da shi, amma da tara mai nauyi, wadda a manyan kamfanoni takan kai dala 80 ko fiye, ban da kuɗin sabuntawa. Daga nan kwana 5 ne ba mai iya taɓa shi, sai a sake shi ga duk wanda ya riga. Wasu dillalan ma ba sa jiran nan, gwanjonsa suke yi tun yana cikin lokacin alfarma. Sunaye na ƙasa irin su `.ng` da `.ne` da `.gh` suna da nasu ƙa'idojin, sai ku karanta na wurin da kuka saya.

Kada kuma ku dogara da barin kati ba kuɗi a matsayin sokewa. Mutane da yawa suna biya da katin dala na manhaja, su bar shi wayam suna ganin sun tsira. Kamfani zai riƙa gwada cira, ranar da kuka zuba kuɗi don wata buƙata sai ya kwashe. In kuma bai samu ba, domen ɗin ma zai faɗi tare da hostin. In kuna da hali, ku biya wa sunan shekara uku ko biyar gaba, ana yarda har shekara goma, kun ga kun kulle farashin yau ke nan.

6. Ku tabbatar sunan na hannunku, imel ɗin kuma ana buɗe shi

A gidaje da yawa wani yaro ne ko wani ƙwararre ya gina shafin, ya yi rajistar komai da imel ɗinsa. Wani lokacin katin maigida ya saka, wani lokacin nasa. Duk sanarwar ƙarin kuɗi wurinsa take zuwa. In ya canza waya, ko ya tafi bautar ƙasa, ko aka ɓata, ku da shafinku kun zama 'yan kallo. Ku nemi a saka sunanku da imel ɗinku a matsayin mai rajista, ku karɓi kalmar sirrin asusun, shi kuma a ba shi izinin aiki kawai.

Ƙa'idar ICANN da ta fara aiki a 2013 ta wajabta wa dillalai su aiko da tunatarwa sau biyu kafin suna ya ƙare, ɗaya wajen wata guda kafin lokaci, ɗaya wajen mako guda, sannan wata a cikin kwana biyar bayan ƙarewa. Ta kuma wajabta musu bayyana kuɗin sabuntawa da na fansa a shafinsu. Amma saƙon zai je ne ga imel ɗin da ke rajista. Kada wannan imel ya zama mai ɗauke da sunan shafin kansa, domin ranar da sunan ya faɗi, akwatin ma ya rufe, gargaɗin ba zai iso ba. Hostin kuwa ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida, sharuɗɗan kamfani ne kawai ke aiki a kansa.

Kuna iya duba halin da sunanku ke ciki ba tare da tambayar kowa ba. Ku buɗe `lookup.icann.org`, ku rubuta sunan, za ku ga dillalin da ke riƙe da shi da ranar ƙarewa. Amma in kun ga `autoRenewPeriod`, kada ƙarin shekarar da ke jikin kwanan watan ya ruɗe ku. Mai rumbu ne ya ƙara ta na wucin gadi, in ba ku biya dillali ba za a janye. Wannan binciken zai kuma kare ku daga 'yan damfara masu aiko da takardar biyan kuɗi da sunan wani kamfanin da ba ku taɓa hulɗa da shi ba. Kada ku biya ta mahaɗin da ke cikin saƙo, ku shiga asusunku da kanku.

7. In dillali ya yi tsada, ku ƙaura da sunan

Kuna da haƙƙin mayar da domen wurin wani dillali, kuma shafin ba ya ɗaukewa in an bi a hankali. Da farko ku shiga asusun tsohon dillali ku cire makullin sunan, wanda a bincike yake fitowa da `clientTransferProhibited`. Sannan ku nemi lambar izini, wadda ake rubutawa `Authorization code` ko `EPP code`. Ƙa'ida ta ce dole a ba ku ita cikin kwana biyar da nema. Ku je wurin sabon dillali, ku zaɓi `Transfer`, ku saka sunan da lambar, ku biya kuɗin shekara ɗaya. Wannan kuɗin ba asara ba ne, ana ƙara shekarar a kan wa'adin da ya rage muku. Aikin yakan kammala cikin kwana biyar zuwa bakwai.

Abubuwa uku ke kawo cikas. Na farko, ana iya hana ƙaura a cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wata ƙaurar. Na biyu, canza sunan mai rajista ko imel ɗinsa na iya jawo wani kulle na kwana 60, don haka in za ku karɓi suna daga hannun wanda ya gina muku kuma ku ƙaura da shi, ku fara da wuri, ku tambayi dillali wanne ya kamata ya riga. Na uku, in a wurin tsohon dillali ake jagorancin adireshin shafin, wato DNS, bayanan na iya ɓacewa bayan kun tashi. Ku ɗauki hoton duk layukan da ke wurin, musamman `A` mai nuna inda shafi yake da `MX` mai nuna inda imel ke sauka, ku shigar da su a sabon wuri kafin ƙaura ta kammala.

Ku fara wannan aiki aƙalla wata guda kafin ranar cira. In kuka bari suna ya ƙare, kuka sabunta a tsohon wuri, sannan kuka ƙaura a cikin kwana 45, kuna iya rasa shekarar da kuka biya can. In dillali ya ƙi ba ku lambar ba dalili, ICANN na karɓar ƙorafi a kan haka, amma ba ta shiga maganar tsadar farashi.

8. Hostin kuwa a yi ciniki, in ya ƙi a tashi

Farashin sabunta hostin ba a kafe yake ba. Ku buɗe zauren tattaunawa na kamfanin, ku gaya musu a taƙaice cewa kuɗin ya fi ƙarfinku, kun samu wani wuri a kaza, kuna shirin tafiya. Sau da yawa sukan yi rangwame, domin riƙe tsohon abokin ciniki ya fi musu sauƙi a kan neman sabo. Ku tambaya ko rangwamen na shekara ɗaya ne, don ku san baɗi ma sai an sake zama. Ku kuma duba ko tsarin da kuke kai ya fi buƙatarku. Shafi mai fuska biyar da hotuna talatin ba ya buƙatar tsarin da aka yi wa shafuka ɗari.

In za ku tashi, ga yadda ake bi. Ku sayi sabon wuri tun tsohon na da sauran mako biyu ko uku. Ku sauke cikakken kwafi, fayiloli da rumbun bayanai duka. Shafin da aka gina da WordPress, rubutunsa da odar masu saye suna cikin rumbun bayanai, wanda ya kwafi fayiloli kaɗai ya bar rabin shafi a baya. In kamfanonin biyu suna amfani da cPanel, akwai sashen `Backup` da ke haɗa komai wuri ɗaya, kuma sababbin kamfanoni da yawa sukan kwaso muku kyauta in kun nema. Ku sauke tsofaffin saƙonnin imel in a hostin suke zaune, domin ranar da aka rufe asusu sun tafi.

Bayan an ɗora shafin a sabon wuri an gwada shi, sai a juya adireshin ya nuna can. Canjin yakan ɗauki 'yan sa'o'i, wani lokacin har kwana biyu kafin ya game ko'ina. Ku buɗe shafin da wayoyi daban-daban, ku aika wa kanku imel, ku gwada fom ɗin oda. Sai komai ya yi daidai za ku soke tsohon. Wajen sokewa ku lura kada ku haɗa da domen ɗin da aka ba ku kyauta, in har yanzu yana wurinsu.

9. In an riga an cire, ku yi sauri amma kada ku fara da banki

Ranar da kuka ga alat, ku buɗe rasit ku ga abin da aka sabunta ɗaya bayan ɗaya. Ku karanta shafin `Refund policy` na kamfanin. Alƙawarin mayar da kuɗi cikin kwana 30 da ake tallatawa sau da yawa na sabon saye ne, sabuntawa na da nata sharaɗin, wani lokacin 'yan kwanaki kaɗan. Don haka ku rubuta musu a ranar, da lambar rasit, ku faɗi abin da kuke so a fili: a soke sabunta hostin da ƙarin hidimomi, a mayar da kuɗinsu, a bar domen yadda yake. In an sabunta muku shekara uku, ku nemi a mayar da ita shekara ɗaya a dawo da ragowar. Ku adana hoton duk abin da aka faɗa muku.

Kada ku nemi a dawo da kuɗin domen sai in kun haƙura da sunan, domin mayar da kuɗinsa yawanci yana nufin a sake shi. Kuma kafin ku nemi komai, ku sauke kwafin shafin, saboda wasu kamfanonin suna rufe hostin nan take da zarar sun amince da mayarwa.

Zuwa banki a ce a janye kuɗin shi ne mataki na ƙarshe. Kamfanoni da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa wanda ya yi haka za a dakatar da asusunsa duka, har da domen da ke ciki. Kuma tunda kun amince da sabuntawa tun farko, da wuya ku yi nasara. In har sai an kai ga haka, misali kun soke kuna da shaida amma aka cire, ku fara fitar da sunan da kwafin shafin tukuna. In kamfanin na Najeriya ne, kuna iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da rasit da hotunan tattaunawarku.

Aikin da za a fara da shi yau bai fi na rabin sa'a ba. Ku shiga asusun, ku rubuta kowace hidima a takarda da kuɗin sabuntawarta da ranar cirarta. Ku kashe sabuntawar hostin da ta ƙarin kaya, ku bar ta domen, ku gyara imel ɗin rajista, sannan ku saka tunatarwar kwana 45 a wayoyin mutum biyu na gidan.